Daga PDF Zuwa Hoto: Lambar da Ke Hana Rubutu Dishi-dishi

Buƙatar mayar da takardar PDF hoto ta zama ruwan dare. Wani shafin cike fom na intanet ba ya karɓar komai sai hoto. Malami yana son ɗora shafukan littafi a majigi. Sakataren ƙungiya ya lura cewa in ya tura sanarwa a matsayin fayil, rabin mambobi ba sa buɗewa, amma in hoto ne kowa zai gani yana wucewa. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su buɗe takardar a waya, su ɗauki hoton allo shafi bayan shafi. Ga shafi ɗaya ko biyu wannan na iya fitar da mutum. Amma idan shafukan sun kai talatin, aikin ya zama wahala, kuma sakamakon ba ya gamsarwa: wani shafin an yanke masa kai, wani an haɗa da agogo da alamar batir, sannan da an ja hoton don a ƙara masa girma sai ƙananan haruffa su narke.

Akwai hanyar da kwamfuta za ta yi dukan aikin da umarni guda, ta fitar da kowane shafi a fayil ɗinsa, a jere da lambobi. Wannan ɓangaren ba shi da wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne wata lamba da manhajar ke tambaya, ko kuma ta zaɓa wa mutum a ɓoye ba tare da ta tambaye shi ba. A kan allo ana rubuta ta DPI, wato adadin ɗigo nawa za a jera a tsawon inci guda. Kyan hoto da nauyinsa duk a kanta suka rataya, kuma ba a canka ake samunta ba, lissafa ta ake yi.

Don a gane dalili, sai an san abin da ke cikin PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a shekarar 1993, kuma a 2008 ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000. Manufarsa ita ce takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Shafin da aka rubuta a kwamfuta aka adana a matsayin PDF ba hoto ba ne, jerin umarni ne: a sa wannan harafi a nan da girma kaza, a ja layi daga wancan wuri zuwa wancan, a cika wannan akwati da shuɗi. Shi ya sa komai ƙara girman da mutum ya yi, gefen harafin yana nan da kaifinsa, domin duk lokacin da aka ja, manhajar na sake zana shi ne daga farko. Shafin bai san ɗigo ba. Abin da ya sani shi ne faɗinsa da tsawonsa, da wani ma'auni na masu ɗab'i wanda guda 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. Takardar A4 da muka saba da ita, mai milimita 210 da 297, a wannan ma'aunin 595 ce da 842. A inci kuwa, 8.27 ce da 11.69.

Hoto na kwamfuta kuma wani abu ne daban. Jeri ne na ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kowanne da launi guda, kuma an ƙayyade adadinsu tun ranar da aka yi hoton. Wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula zai fahimci bambancin. Zanen da aka fara yi a kan yadin layi ne santala, amma ɗinkin da ke biyo baya suka-suka ne. In sukar allurar ƙanana ce kuma a matse, lanƙwasar zanen ta fito ras. In manya ce, lanƙwasar ta koma hawa-hawa. Kuma da zarar an gama ɗinki ba a ƙara wa hula yawan suka ta hanyar ja da miƙewa. Mayar da shafi hoto shi ne wannan ɗinkin, DPI kuma shi ne matsin sukar.

Lissafin ba ya wuce ninkawa. A ɗauki inci na shafin a ninka da DPI. Shafin A4 a kan 72 zai ba da ɗigo 595 a faɗi, 842 a tsawo. A kan 150 zai ba da 1240 da 1754. A kan 300 kuma 2480 da 3508. Wani lokaci manhaja kan ƙara ɗigo guda saboda cike ragowar lissafi, a ga 1241 ko 2481, wannan ba matsala ba ce. Abin da ya kamata a riƙe shi ne idan aka ninka DPI sau biyu, yawan ɗigo sau huɗu yake ninkuwa, tunda faɗi da tsawo ne duka suka ƙaru. A kan 150, shafin na ɗauke da ɗigo wajen miliyan 2.2. A kan 300 sun zama miliyan 8.7. A kan 600 sun kusan miliyan 35. Kowane ɗigo mai launi na cin bayit uku a ƙwaƙwalwar na'ura kafin a matse shi, ke nan shafi guda a kan 600 ya haura megabayit ɗari yayin da ake sarrafa shi. Wanda ya rubuta 600 da tunanin "gara ya yi yawa" a kan tsohuwar kwamfuta, shi ne zai zauna yana kallon allo ya daskare.

Ta ɗaya gefen kuma, ƙarancin lambar ya fi cutar da rubutun Hausa fiye da yadda ake zato. Girman haruffan littafi da wancan ma'auni na 72 ake auna shi. Harafin da aka rubuta da girma 10, idan aka fitar da shafin a kan 72, ɗigo goma kacal zai samu a tsaye, daga ƙolin dogayen haruffa zuwa wutsiyar masu saukowa. Ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ɗan ƙaramin yanki ce na wannan tsayin, ba za ta samu fiye da ɗigo ɗaya ko biyu ba, sai ta koma wani ɗan toka-toka da ido ba ya tantancewa, mai karatu ya rasa ko "baki" aka rubuta ko "baƙi". A kan 150 harafin na samun ɗigo kusan 21, ƙugiyar ta fito. A kan 300 yana samun wajen 42. Haka abin yake ga ɗige-ɗige da wasulan rubutun ajami. Saboda haka a ganina 72 ba ta dace da komai ba sai ƙaramin hoton bango da ake sa wa a jerin littattafai.

Kayan aikin

Manhajar da na fi amincewa da ita a wannan aiki ita ce pdftoppm, ɗaya daga cikin ƙananan kayan aikin Poppler. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma ba ta yi wa hoto tambarin talla. A Ubuntu da danginsa ana girka ta da `sudo apt install poppler-utils`, a Mac da `brew install poppler`, ana kuma samun ta a Windows. Mai wayar Android ma zai iya, in ya sa manhajar Termux ya rubuta `pkg install poppler`. Ba ta da maɓallan latsawa, rubuta mata umarni ake yi a baƙin allon nan da mutane ke tsoro. Tsoron bai da tushe, domin layukan da ake buƙata ba su fi biyar ba.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yana da mujallar taron shekara mai shafi 36, sunan fayil ɗin mujalla.pdf. Shafi na 1 zuwa na 28 a kwamfuta aka tsara su. Shafi na 18 babban jadawali ne na kuɗin shiga da na fita. Takwas na ƙarshe kuwa tsofaffin wasiƙu ne da aka yi wa sikanin aka liƙa. Yana son abu biyu: hotunan da zai tura wa mambobi a waya, da kuma wasu masu inganci da zai adana.

Kafin ya juya komai, ya kamata ya tambayi fayil ɗin abin da ke cikinsa:

```
pdfinfo -f 1 -l 36 mujalla.pdf
```

Wannan zai nuna yawan shafuka a layin `Pages`, sannan ya jero girman kowane shafi. Yawancinsu za su nuna `595.276 x 841.89 pts (A4)` ko abin da ya yi kusa da haka. Amma shafi na 18 zai nuna wajen 1191 da 842, wato A3 ce a kwance, ninkin A4 biyu. Wannan bayani na da amfani domin DPI guda ba ya ba da hotuna masu girma ɗaya sai in shafukan kansu girmansu ɗaya. A kan 150, sauran shafuka za su fito 1240 da 1754, shi kuwa jadawalin 2480 da 1754.

Daga nan sai ya gwada shafi guda, kuma ya zaɓi wanda ya fi ƙananan rubutu. A ce shafi na 7 ne, mai sunayen mambobi da lambobin ajinsu:

```
pdftoppm -r 150 -f 7 -l 7 -png mujalla.pdf gwaji
```

Harafin `-r` shi ne wurin DPI, `-f` shafin farawa, `-l` shafin tsayawa, `-png` nau'in hoton, kalmar ƙarshe kuma sunan da za a raɗa wa fayil ɗin. Zai samu gwaji-07.png. Ya buɗe shi, ya ja shi har ya kai ainihin girmansa, inda ake rubuta 100%, ya duba mafi ƙanƙantar layi. In ƙugiyoyin haruffa sun fito, kuma ana bambance 3 da 8, to lambar ta yi. In ba su fito ba, ya ɗaga zuwa 200 ya sake. Sannan ya duba nauyin wannan fayil ɗin ya ninka da 36, ya san kimanin abin da duka za su ci na wuri da na data. Gwajin bai cin minti biyu, kuma shi ke hana mutum juya littafi sukutum sannan ya gano bai karantuwa.

Idan ya gamsu, sai ya cire `-f` da `-l`, manhajar ta bi shafuka duka:

```
pdftoppm -r 150 -png mujalla.pdf shafi
```

Fayiloli za su fito daga shafi-01.png har shafi-36.png. Sifirin nan da ke gaban lambobin farko ba ado ba ne. Ba don shi ba, wasu na'urorin za su jera 1, 10, 11, 12, sai daga baya su kawo 2, mujalla ta hargitse a hannun mai karɓa. Ita pdftoppm da kanta take sa shi, gwargwadon yawan shafukan. Kuma in aka manta ba a rubuta `-r` ba, 150 take ɗauka.

Zaɓen lamba daga inda hoton zai je

Tambayar da ta dace mutum ya yi wa kansa ita ce ina hoton zai sauka. Waya ba ruwanta da inci, ɗigo take ƙirgawa. Wayoyi da yawa na da ɗigo 1080 a faɗin allonsu, masu araha kuma 720. Idan ana son shafin A4 ya cika faɗin allo mai 1080, sai a raba 1080 da 8.27, a samu wajen 131. Ke nan 150 ta isa har da rarar da mai karatu zai ɗan ja ya ƙara girma. Wanda ke son ya tsallake lissafin zai iya faɗa wa manhajar adadin ɗigon kai tsaye da `-scale-to 1600`, sai ta sa gefen da ya fi tsawo na kowane shafi ya zama 1600. Sai dai a mujallarmu wannan zai cuci shafi na 18, domin za a matse babban jadawali cikin girman ƙaramin shafi, alƙaluman kuɗi su ƙanƙance. Gara a fitar da shi shi kaɗai da `-f 18 -l 18` a kan 150.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan hoton ya bar hannun mai shi. WhatsApp na rage girman hoto yana kuma matse shi idan aka tura shi ta hanyar da aka saba. Mutum zai yi wahalar fitar da shafi a kan 300, manhajar ta mayar da shi ƙasa da rabin haka kafin ya isa. In ingancin na da muhimmanci, a tura hoton ta wajen `Document`, zai isa yadda yake.

Don adanawa, ko bugawa a takarda, ko ba wa manhajar da ke karanta rubutu daga hoto irin su Tesseract, 300 ce lambar da masu aikin suka fi tsayawa a kai. A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara: idan maƙasudin bugawa ne kawai, kada a juya shafukan, a miƙa wa mai firinta PDF ɗin yadda yake. Firintar zamani na zana haruffa a kan 600 ko fiye daga umarnin da ke cikin fayil ɗin, kuma duk hoton da za ka yi mata ragi ne a kan abin da za ta iya da kanta. Dalili guda mai ƙarfi na juyawa kafin bugawa shi ne idan na'urar shagon tana ɓata haruffa, wanda za mu zo kansa.

Nau'in fayil ma zaɓi ne, amma ba mai sarƙaƙiya ba. PNG ba ya zubar da komai, gefen haruffa na fita tsaf, don haka shi ya dace da shafin rubutu da jadawali. JPEG don hotunan kyamara aka ƙirƙire shi. Yana rage nauyi ta hanyar zubar da abin da ido ba ya lura da shi a fuska ko sararin sama, amma a kewayen baƙin harafi a kan farar takarda yana barin wata ƙura-ƙura. Shafin da ke cike da hotunan taro zai yi nauyi sosai a PNG, shi ake yi wa `-jpeg -jpegopt quality=85`. Idan kuma shafukan ba su da launi, ƙara `-gray` na mayar da kowane ɗigo bayit ɗaya maimakon uku.

Shafukan da tun asali hotuna ne

Yanzu ga wurin da lissafin baya ke sauya fuska, kuma nan ne na fi ganin ana asarar lokaci da wuri. Wasiƙun nan takwas na ƙarshen mujalla ba umarnin zane ba ne. An ɗora takarda a kan sikana, ta ɗauki hoto, aka sa hoton a cikin PDF. Adadin ɗigonsu an riga an yanke shi tun ranar sikanin. Ana iya gane irin wannan shafi cikin sauƙi: gwada zaɓar kalma guda don kwafa, ko ka ja shafin sosai. In haruffan sun fara fashewa, hoto ne. Hanyar da ta fi tabbas ita ce:

```
pdfimages -list mujalla.pdf
```

Zai jero kowane hoto da ke cikin fayil ɗin, da shafinsa, da faɗinsa da tsawonsa. Ginshiƙan da ake nema su ne `x-ppi` da `y-ppi`. A ce a shafi na 29 zuwa 36 sun nuna 200, faɗi 1654, tsawo 2339. Ma'anar ita ce iyakar abin da ke cikin waɗannan wasiƙu 200 ne. Idan sakatare ya fitar da su a kan 600, kowane ɗigo guda za a shimfiɗa shi ya cike gurbin tara. Fayil ya kumbura, amma ko wasali ɗaya da ya dushe ba zai dawo ba. In ya fitar da su a kan 200 ya samu duk abin da ke akwai. In yana son fiye da haka, sai dai ya nemo takardun asali a sake sikanin.

Mafi kyau ma ga irin waɗannan shafuka shi ne a ciro hotunan kamar yadda aka saka su, ba tare da sake zana su ba:

```
pdfimages -all -f 29 -l 36 mujalla.pdf wasika
```

Sai dai a duba abin da ya fito. Wasu na'urorin sikanin na raba shafi guda gida biyu ko uku, rubutu daban, bayan takarda daban, sai a ga gutsattsari maimakon cikakken shafi. Haka nan idan an ɗora hatimi ko sa hannu ko lambar shafi daga baya a kwamfuta, ba za su biyo hoton ba. In aka ga haka, a koma wa pdftoppm a kan 200.

Akwai wani tarko da ya shafi PDF ɗin da aka haɗa daga hotunan waya. Wasu manhajojin na ɗaukar kowane ɗigon hoto a matsayin ma'auni guda na shafi. Hoton kyamara mai 3024 da 4032 sai ya zama shafi mai inci 42 da 56, girman ƙyauren ɗaki ko kusa da haka, alhali a allo ba a ganin wani bambanci. Wanda ya rubuta `-r 300` a kan wannan ya nemi hoto mai ɗigo 12,600 da 16,800, sama da miliyan 200 a shafi guda. Alamarsa ita ce aiki ya ƙi ƙarewa, ko manhaja ta mutu tana kukan ƙarancin ƙwaƙwalwa. A irin wannan fayil 72 ce lambar da ke ba da cikakken hoton asali. Shi ya sa aka fara da pdfinfo: da an ga 3024 inda ake sa ran 595, an san abin da ake ciki.

Idan abu ya fito ba daidai ba

Mutane da yawa da ImageMagick suka saba, kuma tana yin aikin, ta hanyar kiran wata manhaja mai suna Ghostscript a bayan fage. Amma tana da halin da ke kama baƙo. In ba a faɗa mata ba, 72 take ɗauka, kuma dole lambar ta zo kafin sunan fayil ɗin:

```
magick -density 300 mujalla.pdf shafi-%02d.png
```

Idan aka sa `-density 300` bayan mujalla.pdf, ta riga ta karanta shafin a kan 72, sai kawai ta liƙa wa ƙaramin hoton alamar 300. Bayanan fayil za su ce 300, ido kuma ya ga dishi-dishi. Hanyar kama wannan ita ce a daina kallon alamar, a kalli adadin ɗigo. In shafin A4 ne kuma faɗinsa 595, to 72 ne ko me aka rubuta a jikinsa. Haka ma wanda ya buɗe ƙaramin hoto a manhajar gyaran hoto ya sauya lambar zuwa 300 don ya gamsar da mai ɗab'i, bai ƙara komai ba. Sannan ita ImageMagick daga sifiri take fara ƙirga, shafin farko ya zama shafi-00.png, kowace lamba ta koma baya da ɗaya. Wani lokacin kuma bayan shafin ya fito baƙi ƙirin ko kamar gilashi, domin yawancin PDF ba su zana farin takarda ba, sun bar shi fayau. Maganinsa a ƙara `-background white -alpha remove` bayan sunan PDF ɗin.

Matsalar haruffa ta fi shafar mu. PDF mai kyau yana ɗauke da salon haruffansa a cikinsa. Idan wanda ya haɗa shi bai cusa su ba, kowace na'ura za ta aro abin da take da shi, kuma salon aro ba lallai ya san ƙ da ɗ da ƴ ba. Sai a ga akwatuna ko gurabe a wurinsu, ko tazarar kalmomi ta lalace. Umarnin `pdffonts mujalla.pdf` na nuna gaskiyar: a ginshiƙin `emb`, duk inda aka ga `no`, wannan salon ba ya cikin fayil ɗin. Ɗaga DPI ba ya gyara wannan. Sai dai a koma kwamfutar da aka tsara mujallar, inda salon yake, a sake fitar da PDF ɗin da haruffansa a ciki, ko a juya shafukan a can. Wannan ne yanayin da na ce juyawa kafin kai wa mai firinta na da ma'ana, tunda hoto ba ya aron harafi a wurin kowa.

In kuma hoton ya fito da faffaɗan gefe da wasu 'yan layuka a kusurwoyi waɗanda ba a gani lokacin karatu, alamun yanka ne na maɗaba'a. PDF na iya ɗaukar iyaka fiye da ɗaya, ta dukan takarda da ta abin da ake nuna wa mai karatu, kuma pdftoppm ta farkon take bi. Ƙara `-cropbox` na sa ta bi ta biyun. Fayil mai kalmar sirri kuwa ana buɗe shi da `-upw` sannan kalmar.

Wanda ba ya son rubuta umarni ko kaɗan yana da mafita. Manhajar GIMP, wadda ita ma kyauta ce, na nuna akwatin `Resolution` duk lokacin da aka buɗe PDF da ita, sai dai fitar da shafuka masu yawa ɗaya bayan ɗaya na gajiyarwa. Lissafin bai canja ba: inci sau lambar da ka rubuta. Shafukan intanet masu juya fayil kyauta ma suna nan birjik, kuma ga sanarwar taro ba laifi. Amma da yawansu ba sa barin mutum ya zaɓi lambar, sannan amfani da su na nufin ka ɗora takardarka a kan kwamfutar wani da ba ka sani ba. Takardar shaidar karatu, fasfo, bayanan banki, sakamakon asibiti, ban ga dalilin da zai sa a miƙa su ga baƙo saboda aikin da na'urar hannunka za ta yi cikin daƙiƙoƙi ba.

Kada kuma a manta da abin da ake rasawa. Da zarar shafi ya zama hoto, ba a iya neman kalma a cikinsa, ba a kwafar jimla, mahaɗan intanet sun mutu, kuma makaho da ke dogara da manhajar da ke karanto masa rubutu ba zai ji komai ba. Sakataren da ya tura hotuna ya kyauta in ya haɗa da PDF ɗin ga mai so. Shi kuma ya ajiye na asalin a wuri amintacce, kada ya goge shi don ya ga hotuna sun fito da kyau. Daga PDF ɗin zai iya sake fitar da shafuka a kowace lamba duk ranar da wata buƙata ta taso, amma daga hoton 150 ba zai taɓa samun na 300 ba.